Minti Nawa Ya Kamata Bidiyonki Ya Kai?

Wata ƙanwata da ke koyar da girki a YouTube ta zo gidana ranar wata Asabar, ranta a ɓace, wayarta a hannu. Ta shafe kwana biyu tana haɗa bidiyon masa mai tsawon minti 12, tun daga jiƙa shinkafa har zuwa juya masar a tanda, amma da ta duba alƙaluma sai ta ga yawancin mutane ba sa kaiwa ko rabi. Yaron da ke tace mata hotuna ya riga ya yanke hukunci. Ya ce mata, "Anti, masu kallonki matasa ne, kuma a waya suke kallo. Ki mayar da komai minti uku kawai." Ita kuma ta ce da ni, "Yaya, ta yaya zan koya wa mutum masa a minti uku? Ko ƙullun ba zan gama nunawa ba."

Yaron bai yi ƙarya ba. Matasa sun fi yawa a alƙalumanta, waya ma ta fi yawa. Kuskurensa shi ne ya tsaya a kan adadin waɗanda suka leƙo, bai duba su wa suka zauna ba. Wannan kuskure na sha ganin sa a wurin masu tashoshin Hausa, kuma yana sa mutum ya yanke abin da masu kallonsa na gaskiya ke zuwa nema domin ya faranta wa waɗanda dama wucewa suke yi.

Alƙaluman da muke magana a kai suna cikin YouTube Studio, a sashen Analytics, ƙarƙashin shafin Audience. Nan ake ganin shekarun masu kallo a rukuni-rukuni: 13 zuwa 17, 18 zuwa 24, 25 zuwa 34, a haka har zuwa 65 da abin da ya yi sama. Ana kuma ganin kason maza da na mata. Sai dai wannan shafi na farko taƙaitawa ce kawai. Wanda ke son ya yanke shawara a kan tsawon bidiyo sai ya buɗe Studio a kwamfuta, ya zaɓi bidiyo guda, ya shiga Advanced mode. A can ne zai iya jera rukunan shekaru, ko jinsi, ko nau'in na'ura a ƙarƙashin Device type, kuma a gefen kowane rukuni ya ga Average view duration, wato matsakaicin lokacin da mutum ɗaya na wannan rukuni ke ɗauka yana kallo kafin ya fita. Wannan lamba ita ce jigon aikin. Adadin kallo yana gaya miki wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ne, ita kuwa tana gaya miki wanda ya shigo ya zauna a tabarma.

Ba zan baje alƙaluman tashar ƙanwata a mujalla ba. Zan kawo misali da lambobin da na zaɓa da kaina don lissafin ya fito sarari, amma fasalinsu irin wanda mai tashar girki ke iya cin karo da shi ne.

A ce bidiyon masa mai minti 12 ya samu kallo 10,000. Daga ciki, 8,500 a waya ne, kuma mai waya yakan yi minti 3 a matsakaici. Kallo 1,000 a talabijin ne, matsakaicinsu minti 8. Sauran 500 a kwamfuta da makamantanta, minti 5. Yanzu a ninka kowane adadi da mintocinsa. Waya ta ba da minti 25,500, talabijin 8,000, kwamfuta 2,500. Jimilla minti 36,000, wato awa 600. Sai ga abin da ba a gani da farko: talabijin, wadda ke da kashi 10 cikin ɗari kacal na adadin kallo, ita ke da kashi 22 na lokacin da aka kwashe ana kallo. Waya kuma ta sauko daga kashi 85 zuwa wajen kashi 71.

Haka za a yi wa shekaru. A ce 'yan 18 zuwa 24 su ne kashi 40 na kallo, amma matsakaicinsu minti 2 da sakan 15 ne. 'Yan 25 zuwa 34 kashi 35 ne, suna yin minti 4. Waɗanda suka kai 35 zuwa sama kashi 25 ne, suna yin minti 5 da sakan 12. Idan aka auna da lokaci, matasan da suka fi kowa yawa sun koma kashi 25 kawai. Kashi 75 na lokacin kallo yana hannun waɗanda suka kai shekara 25. To, wa za a yi wa bidiyo na gaba? Wanda ya ce a mayar da komai minti uku ya zaɓi ya bi kashi ɗaya cikin huɗu ya bar uku.

Akwai wani tarko kuma da ke jan masu tashoshi zuwa gajarta bidiyo. Kusa da waccan lamba akwai wata mai suna Average percentage viewed, wato kason bidiyon da ake kallo. A misalinmu, matsakaicin kallo gaba ɗaya minti 3 da sakan 36 ne, wato kashi 30 na minti 12. Idan aka mayar da bidiyon minti 4, wannan kaso na iya tashi zuwa 60, mai tasha ta yi murna ta ce an samu ci gaba. Amma kashi 60 na minti 4 minti 2 da sakan 24 ne. Kaso ya ninka, lokaci ya ragu da fiye da minti guda a kan kowane mai kallo. Ga mai neman cika awa 4,000 cikin wata 12, da mabiya 1,000, domin a fara raba kuɗin talla da ita, wannan asara ce kai tsaye.

Wayar ta wace ce?

Kafin a gina komai a kan waɗannan lambobi, dole a san daga ina suke fitowa, kuma a nan ne ƙasar Hausa take da nata yanayin. YouTube ba ya ganin fuskar mai kallo. Shekaru da jinsin da yake nunawa na asusun Google ne da aka shiga da shi a na'urar. Mu kuwa mun san yadda ake buɗe asusu a wurinmu. Mutum ya sayi waya a Farm Centre a Kano, ya miƙa wa yaron shago ya ce a saita masa. Yaron ya rubuta shekarar haihuwar da ta zo masa a rai, ya wuce. Uwa ta gaji tsohuwar wayar ɗanta da asusunsa a ciki. Matar aure ta karɓi wayar maigida bayan sallar isha ta nemi yadda ake miyar taushe. Duk waɗannan, a alƙaluma, maza ne ko matasa, alhali wadda ke riƙe da wayar mace ce, wataƙila ma ta haura arba'in.

Shi ya sa idan tashar girki ta nuna maza sun haura rabi, ban yarda a yi saurin canza salo ba. Ban kuma yarda a yi saurin cewa ai duk wayar mazajensu ce ba, domin akwai maza na gaske da ke neman girki: ɗalibai a makarantun gaba da sakandare, masu sana'ar abinci, ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ya bar iyali a gida. Yadda za a bambance shi ne a koma ga abin da mutane suka rubuta da hannunsu. A karanta sharhi hamsin ko ɗari a ƙarƙashin bidiyon. Hausa ta yi mana gata a nan, don sau da yawa jimla ɗaya ta isa ta nuna mai magana: wadda ta ce "maigidana ya yaba" ta gama bayani, ko da sunan da ke kan asusun na namiji ne. A kuma duba When your viewers are on YouTube, wanda ke nuna sa'o'in da masu kallon tashar suka fi kasancewa a dandalin cikin kwana 28 da suka wuce. Idan sharhi da lambobi sun saɓa, ni na fi ba sharhi gaskiya a batun jinsi.

A gaskiya ma, cikin ukun nan, jinsi shi ne mafi raunin ma'auni wajen yanke tsawon bidiyo. Yana da amfani wajen zaɓen batu da kalmomi da misalai. Amma ban ga hujjar da za a ce don mai kallo mace ce ko namiji ne zai fi jure minti 10 ba. Idan matsakaicin lokacin maza da na mata sun yi kusa da juna a tasharki, ki ajiye wannan batu ki wuce gaba. Shekaru sun fi shi ƙarfi kaɗan. Na'ura ita ce mafi aminci, saboda ba wanda ya rubuta ta da hannu, dandalin ne da kansa ke gane ta.

Ita ma na'urar tana da abin da take ɓoyewa. Kallo ɗaya a talabijin na iya zama mutum biyar a falo. Sannan duk wanda ya karɓi bidiyon a wurin masu tura finafinai a bakin kasuwa, ko aka jefa masa ta Xender ko WhatsApp a matsayin fayil, ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Waɗannan galibi su ne masu ƙarancin kuɗin data, kuma ga mai koyar da sana'a ko noma suna iya zama jama'a mai yawa.

Inda ake fita

Matsakaici yana da wata illa: yakan haɗa mutum biyu mabambanta ya fitar da na uku wanda babu shi. Idan aka ce matasa suna yin minti 2 da sakan 15, ba lallai ne kowa ya kai nan ya tsaya ba. Yana yiwuwa rabinsu sun fita a sakan 20, ɗaya rabin kuma sun wuce minti 4. Maganin waɗannan biyun daban ne. Don haka bayan an gama da rukunai, sai a buɗe zanen Audience retention na bidiyon, layin da ke nuna kason mutanen da suka rage a kowane lokaci tun daga farko har ƙarshe. YouTube yana ma ware sakan 30 na farko ya ba su lamba ta daban a ƙarƙashin Intro, ya kuma nuna Spikes, wuraren da ake komawa a sake kallo, da Dips, wuraren da ake tsallakewa ko ake fita.

Da muka buɗe na bidiyon masa tare da ƙanwata, muka saka bidiyon a gefe muna bin layin, abin ya fito fili kamar rana. Layin ya faɗi warwas tun a farko, sannan ya miƙe kusan a kwance na tsawon lokaci. Me ke cikin farkon? Kiɗa da tambarin tasha. Sai sallama. Sai gaisuwa ga masu kallo na gida da na ƙetare, da fatan an tashi lafiya, ya gida ya yara. Sai godiya ga waɗanda suka yi sharhi a bidiyon da ya gabata. Sai roƙon a danna Subscribe a kuma danna ƙararrawa. An wuce minti guda ba a ga ko ƙwayar shinkafa ba. Ta yi shiru tana kallon kanta a allo, sannan ta ce, "Ashe ni ma da zan fita."

Gaisuwa tarbiyyarmu ce, kuma ba zan ce wa kowa ya daina sallama don neman masu kallo ba. Amma sallama cikakkiya ba ta kai sakan biyar ba. Abin da ke korar mutane shi ne jerin da ke biyo bayanta. Ka tuna mai kallon nan da kuɗinsa yake kallo. Tun da Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kowane minti a YouTube ya ƙara tsada ga mai sayen data kaɗan-kaɗan. Wanda ya rage ingancin hoto zuwa 240p don datarsa ta kai shi gobe ba zai biya kuɗin sauraron godiya ga mutanen da bai sani ba.

Sauran layin ma ya yi magana. Ya ɗan lotsa a inda take wanke shinkafa sau uku a gaban kyamara, abin da kowace mace ta iya tun tana yarinya. Ya kuma yi tozo a wuri guda: inda ta ɗaga ludayi ta bar ƙullun yana zuba, don a ga kaurinsa bayan ya tashi. Nan mutane ke komawa su sake kallo, saboda nan masa ke gyaruwa ko ta lalace. Idan ƙullu ya yi ruwa masar ta kama tanda, idan ya yi kauri cikinta ya ƙi dahuwa. Wannan wuri kuwa sakan kaɗan ta ba shi.

Ashe matsalar ba tsawo ba ce, rabon lokaci ne. Layin da ya faɗi a farko sannan ya daidaita yana nufin buɗewar ce ba ta yi ba, waɗanda suka tsallake ta kuwa sun gamsu. Layin da ke gangarowa a hankali ba tsayawa tun daga farko har ƙarshe, shi ne alamar bidiyon ya yi jan ƙafa ko ya fi ƙarfin batunsa tsawo. Da irin wannan na biyun muka gani, da na goyi bayan yaron.

Abu ɗaya ya rage a duba game da matasan nan masu saurin fita: daga ina suka zo? Traffic source yana nuna wannan. Wanda ya rubuta "yadda ake masa" a wurin bincike ya zo da niyya. Wanda ya danna mahaɗi a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, ko bidiyon ya faɗo masa a shafin farko, leƙe ya zo yi. Idan masu leƙen ne suka cika rukunin 18 zuwa 24, to ba shekarunsu ne suka fitar da su ba, dama ba masa suka zo koyo ba.

Shawarar da muka tsayar ita ce bidiyo na gaba ya zama wajen minti 9. An cire kiɗan farko. Ana buɗewa da masa a faranti tana tururi, an ɓara guda a ga cikinta, tare da sallama da jimla ɗaya mai faɗin abin da za a koya. Wanke shinkafa ya koma sakan biyar. Kaurin ƙullu ya samu minti guda cur, an matso da kyamara, an nuna wanda ya yi daidai da wanda ya yi ruwa. Gaisuwa da godiya sun koma ƙarshe, inda masu ƙaunar tashar ne suka rage. Matasan kuma ba a yar da su ba: an yanko musu gajere na daban a Shorts, wanda tun Oktoban 2024 ake iya kai shi har minti 3.

Alƙaluman na'ura sun fi yin tasiri a yadda ake tafiyar da hoto fiye da tsawo. Tun da mafi yawan masu kallo a waya suke, kuma da yawa a hoto mai ƙarancin inganci, dole ma'auni ya fito a rubuce da manyan baƙaƙe, "shinkafa gwangwani 4", kuma ya daɗe a allo har a karanta shi sau biyu. Dole murya ta fito tsaf, don ana saurare ne a cikin hayaniyar gida ko ƙarar janareta. Saboda masu talabijin kuma, waɗanda ba su da yawa amma suna daɗewa, kada a riƙa yanka hoto duk bayan sakan biyu kamar ana koran mutum, kuma kada a ce "ma'aunin yana ƙasa a rubuce" a tsaya nan, domin mai riƙe da rimot da wuya ya je neman rubutun ƙasa. A faɗe shi da baki. Abin da ke haɗa bukatun ɓangarorin biyu shi ne a raba bidiyon babi-babi, ta hanyar rubuta lokuta a wurin bayani. Sharaɗin shi ne na farko ya fara daga 0:00, su kai aƙalla uku, kuma kowane babi kada ya gaza sakan 10:

```
0:00 Masa da kayan haɗi
1:10 Niƙa da haɗa ƙullu
4:30 Kaurin ƙullu
6:00 Suya a tanda
```

Da wannan, mai waya da ke tsaye a madafa zai tsallaka inda yake so, mai talabijin kuma ya bi a jere.

Kada kuma kowa ya ɗauka waya tana nufin gajeren bidiyo a koyaushe. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So sun tara ɗimbin masu kallo a YouTube da kashi-kashi masu tsawon gaske, a cikin al'ummar da waya ce babbar hanyarta ta shiga intanet. Bahaushe zai sayi datar dare ya zauna wa labarin da ya kama shi. Haka nan kada a kwaso shawarar da aka gina a kan wata ƙasa. A watan Fabrairun 2025 shugaban YouTube, Neal Mohan, ya bayyana cewa a Amurka talabijin ta zarce waya wajen yawan lokacin kallon dandalin. Wannan gaskiya ne a can. Mai tasha a Zariya ko Maraɗi tasa lambar zai duba, musamman idan yana da masu kallo a ƙetare, waɗanda za a iya ware su ta Geography a ga ko su ne ke ɗaga kason talabijin.

Akwai kuma masu jan bidiyo da gangan ya kai minti 8, saboda daga nan ne ake iya saka talla a tsakiya. Idan batun ya kai, babu laifi. Idan kuwa minti 5 ne aka cika da surutu, layin zai tona asiri, don za a ga gangara daidai inda aka fara cikon.

Gwajin kansa yana son haƙuri. Bidiyo ɗaya ba ya zama hujja, kuma idan masu kallo ba su da yawa YouTube kan ɓoye alƙaluman shekaru da jinsi gaba ɗaya. A gwada sabon tsarin a bidiyo huɗu ko biyar masu batu iri ɗaya, a kwatanta su da tsofaffi a daidai tsawon kwanaki, misali kwana 28 na farkon kowanne. Kada a canza tsawo da hoton bango da lokacin sakawa duk a tashi guda, don ba za a san wanne ya yi aiki ba. Sannan a kula da lokaci. Tashar girki a watan azumi wata tasha ce daban: ana neman kayan buɗa-baki da gaggawa, sa'o'in kallo suna sauyawa, baƙi suna cika gida. Wanda ya ɗauki alƙaluman Ramadan ya tsara bidiyon damina da su ya yi kitso da ƙwarƙwata.

Don haka, 'yar'uwa mai tasha, da kai ɗan'uwa, kafin ku sa almakashi a bidiyo na gaba, ku zaɓi bidiyo uku da kuka fi wahala a kansu, ku buɗe Advanced mode, ku ninka adadin kallon kowane rukuni da mintocinsa a takarda, sannan ku kalli minti na farko na kowane bidiyo kuna bin layin da ido. A nan za ku fara gyara.